'Yar aiki tana da hutun shekara da albashinta? Ku taya mu duba lamarin yarinyar nan

Maman_Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Wata yarinya ce 'yar shekara 19 take aiki a wani gida a Gbagada, gidan mutanenmu ne 'yan Arewa. Yau watanta 14 a wurin. A can take kwana, ita ke shara da wanke-wanke da wanki da kai yara makaranta, albashi naira 60,000 a wata. Wata dillaliya ce ta kawo ta daga gida, ba a rubuta komai ba, da baki aka yi magana.

Yayarta za ta yi aure a Kano, sai ta nemi kwana goma. Uwar ɗakin ta ce ta tafi, amma za a cire naira 2,000 a kowace rana, wato 20,000. Yarinyar har ta haƙura. To a bakin makarantar yara sai ta haɗu da wata mai reno da kamfani ya kawo, waccan ta nuna mata takardarta a waya, an rubuta albashi da ranar hutu da hutun shekara. Ta ce mata ai doka ce, kowa ma ya kamata a ba shi. Da ta koma ta yi maganar, Hajiya ta ce, "Ke da kika zama 'yar gida, wace takarda kuma?"

Tambayata biyu. Da gaske doka ta ce a ba ta takarda? Kuma kwana nawa ne hutun da ba a taɓa albashi?

Bakano77: Wa alaikumus salam. Hutu da albashi ai na ma'aikacin gwamnati ne da na banki. Mai aikin gida ranar da ta yi aiki ita ake biya. Haka muka taso muka gani.

Lauyan_Talaka: Bakano, abin da aka saba daban, abin da ke rubuce daban. Dokar Ƙwadago ta ƙasa ba ta ma'aikatan gwamnati ba ce kawai, asali ma an yi ta ne saboda leburori da ƙananan ma'aikata.

Sashe na 7 ya ce kafin mutum ya wuce wata uku da fara aiki, wanda ya ɗauke shi ya ba shi takarda. A ciki a sa sunan mai ɗauka, sunan ma'aikaci da adireshinsa, ranar da aka ɗauke shi da inda aka ɗauke shi, irin aikin, nawa ne albashi da lokacin biya, awannin aiki, hutu da kuɗin hutu, abin da za a yi in ya yi rashin lafiya, da kwanakin notis in za a rabu. In daga baya an canza wani abu a ciki, a sanar da shi a rubuce kafin wata ɗaya.

Sashe na 18 shi ne na hutu. Wanda ya cika wata 12 a jere yana aiki, yana da aƙalla kwana shida na aiki, da cikakken albashi. Wannan shi ne mafi ƙaranci, in an yi yarjejeniyar fiye da haka ita za a bi. Yarinyar nan ta wuce wata 12 tun wata biyu da suka shige.

Amma akwai wani "amma", zan dawo kansa in na fito daga sallah.

Uwar_Biyu_Agege: Kwana shida kacal? Motar Kano kaɗai ai ta cinye kwana biyu zuwa da dawowa, in ma hanya ta yi kyau.

Tsohon_Akawu: Uwar Biyu, kwana shida na aiki aka ce, ba kwana shida a kalanda ba, kuma nan mutane ke yin kuskure. Dokar dai ta ce a kowane kwana bakwai ma'aikaci yana da rana ɗaya ta hutu, awa 24 a jere. Wannan ranar ba ta shiga lissafin shidan.

Mu ɗauka ranar hutunta Lahadi ce. Ta tashi daga Agege ranar Lahadi, wannan ranarta ce. Litinin zuwa Asabar su ne kwana shida na hutun shekara. Lahadi ta biyu ita ma tata ce. Kwana takwas ke nan ba a taɓa mata kwabo ba. Tunda goma ta nema, Litinin da Talata na ƙarshe su kaɗai ne suka wuce haƙƙinta. A kan 2,000 ɗin da Hajiya ta yanka, abin da za a cire 4,000 ne, ba 20,000 ba.

Wani abu kuma. Hajiya ta raba 60,000 gida 30 ta samu 2,000. Wasu gida 26 suke rabawa, wato kwanakin aiki kawai, sai rana ta kama wajen 2,308. In cirewa za a yi, rabon 30 ya fi wa yarinyar sauƙi. In biyanta za a yi, rabon 26 ya fi mata. Shi ya sa ake so a zaɓi ɗaya a rubuta, kada a riƙa sauyawa duk lokacin da ya yi wa mai biya daɗi.

Maman_Khalifa: Baba Akawu, ai matsalar ita ce ba ta da ranar hutu ma. Wani lokaci dai ana barin ta ta zo Idi-Araba wurin gwaggonta da yammacin Lahadi, ta koma kafin isha'i.

Tsohon_Akawu: To wannan ya fi maganar bikin girma, 'yata. Wata 14 ya kai mako 60.

Lauyan_Talaka: Na dawo. Ga "amman" da na ce.

A sashe na 91 dokar ta faɗi wanda take nufi da ma'aikaci, sai ta fitar da wasu mutane. Na farko a cikinsu shi ne wanda aka ɗauka ba don harkar kasuwancin mai ɗaukar ba. Mai sharar shago don kasuwanci aka ɗauke ta. Mai sharar ɗakin kwana fa? Lauyan Hajiya zai miƙe ya ce gida ba kasuwanci ba ne, saboda haka sashe na 7 da na 18 ba su hau kanta ba. Zai ƙara da cewa dokar ta ba masu aikin gida suna na daban, ta haɗa har da mai kula da lambu da direban motar gida, sannan a sashe na 65 ta bar wa Ministan Ƙwadago ikon yi musu ƙa'idojinsu.

Lauyan yarinyar shi ma yana da abin faɗa. Tun gyaran tsarin mulki na 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ke da hurumin duk wata rigimar aiki, kuma an ba ta damar duba abin da ake kira rashin adalci a wurin aiki da yadda ake yi a duniya. A duniyar kuwa akwai yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, mai lamba 189 ta shekarar 2011, wadda aka yi musamman don masu aikin gida: ta yi maganar a sanar da su sharuɗɗan aiki, an fi so a rubuce, da hutun awa 24 a mako, da hutun shekara mai albashi. Sai dai Najeriya ba ta rattaba amincewa da ita ba.

Saboda haka ni ba zan ce wa yarinya "je ki, doka ta gama miki komai" ba. Abin da zan ce shi ne, duk abin da aka rubuta aka sa hannu ya zama yarjejeniya, kuma kotu tana tilasta yarjejeniya ko da sashe na 91 ya ce me. Kwana shidan da ke cikin doka ana iya jayayya a kai. Kwana shidan da ke cikin takardar da Hajiya ta sa wa hannu ba a jayayya.

Bakano77: Ashe dai maganata ce. Dokar ba ta shafe su ba.

Lauyan_Talaka: Ba haka na ce ba, Malam. Na ce akwai ƙofar gardama. Kai kuma cewa ka yi na ma'aikatan banki ne.

Anti_Zee_Magodo: Ni dai a duba ɓangaren masu gida ma. Yarinya tana ci sau uku, tana kwana a ɗaki da fanka, sabulu da man shafawa da kayan sallah duk a kan uwar ɗaki. In ta yi zazzaɓi ita ke sayen magani. Kun san kuɗin ɗaki a Gbagada kuwa? Sannan kowa ya san halin da ake ciki: yarinya ta ce za ta biki kwana goma, sai a ji shiru, ashe dillaliya ta kai ta wani gida a Lekki don ta sake karɓar kuɗin kawowa. Cire kuɗin nan sau da yawa ba mugunta ba ce, tsoro ne.

Hajiya_Sabo_Ikorodu: Zainabu, wannan tsoron gaskiya ne, amma takardar ce maganinsa. In an rubuta notis, ya hau kan kowa. Ma'aunin da dokar ta sa shi ne: wata uku ko ƙasa da haka, kwana ɗaya, sama da wata uku zuwa ƙasa da shekara biyu, mako ɗaya, shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu, shekara biyar zuwa sama, wata ɗaya. Kuma notis na mako ɗaya ko fiye a rubuce ake ba da shi. Uwar ɗaki za ta iya cewa ita wata ɗaya take so tun daga farko, ba laifi, amma ta sani ita ma ba za ta tashi da dare ta watso wa yarinya kaya waje ba. Sannan a takardar ne ake sa wanda ya tsaya wa yarinyar, kamar gwaggon nan ta Idi-Araba, da inda take zaune.

Abinci da ɗaki kuwa a rubuta su a fili, cewa ƙari ne a kan albashi. In ba a rubuta ba, ranar da aka yi faɗa za ki ji an fara lissafin shinkafa.

Abu_Fatima: Jama'a ku ji tsoron Allah, ƙaramar yarinya a gidan mutane kuna ta lissafin kwanaki? A kira NAPTIP, hukumar hana safarar mutane, kawai.

Maman_Khalifa: Malam, shekararta 19 na ce, da katin zaɓenta.

Lauyan_Talaka: Amma tunda an tayar, a sani: dokar hana safarar mutane ta 2015 ta mai da ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 12 aikin gida laifi ne mai ɗauri. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 kuma ta hana a sa ɗan ƙasa da 18 aikin gida a wajen gidansu ko danginsa, Legas ma tana da tata tun 2007. Da 'yar 13 ce, ba maganar takarda za mu yi ba. Wannan babba ce, ita da kanta za ta sa hannu, ba dillaliya ba, ba gwaggo ba.

Dan_Mile12: Ni abin da na gani, 60,000 ma ai ya saɓa doka. Mafi ƙarancin albashi 70,000 ne tun 2024, a Legas ma 85,000.

Tsohon_Akawu: Rabin gaskiya ne. Dokar mafi ƙarancin albashi ta cire wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, gida mai 'yar aiki ɗaya da maigadi bai shiga ba. 85,000 kuwa gwamnatin jihar ce ta yanka wa ma'aikatanta. Za ta iya kawo shi a matsayin hujjar neman ƙari, amma kada ta haɗa shi da maganar hutu a zama ɗaya. In ta shiga da buƙata biyar, za ta fito da jakarta a hannu.

Malam_Obalende: Ga masu cewa takarda rashin yarda ce, ayar da ta fi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ne a rubuta bashi tsakanin musulmi biyu da suka yarda da juna. Albashin da ake biya a ƙarshen wata kuwa, tun ranar ɗaya ga wata yake taruwa a wuyan mai gida. Wanda zai je wa Hajiya da maganar ya fara da wannan, ya bar sashe kaza sashe kaza sai in ta ƙi ji.

Uwar_Biyu_Agege: To wai ya ake rubuta ta? Sai an je wurin lauya?

Hajiya_Sabo_Ikorodu: Ba sai an je ba. Shafi ɗaya ya isa. Ga yadda zai kasance a lamarin yarinyar nan:

"Ni wance, mai zama a gida kaza a Gbagada, na ɗauki wance aikin gida tun ranar kaza. Aikinta shara, wanke-wanke, wanki da kai yara makaranta da ɗauko su. Albashinta naira 60,000 a wata, ana tura shi asusunta na banki kafin ranar ƙarshe ta wata. Abinci da wurin kwana a kaina suke, ba a cire su daga albashi. Tana fara aiki ƙarfe 6 na safe ta tashi 8 na dare, da hutun awa biyu da rana. Ranar hutunta daga daren Asabar zuwa daren Lahadi. Duk shekara tana da hutun kwana kaza na aiki da albashinta, za ta faɗa wata ɗaya kafin lokaci. Wanda zai rabu da wani zai ba da notis na kwana kaza a rubuce."

Wurare uku ake yin kuskure. Na farko ranar fara aiki. Wasu sai su sa ranar da aka rubuta takardar, kin ga wata 14 sun tafi a banza, sai ta sake jiran wata 12 kafin ta cancanci hutu. A sa ainihin ranar da ta shigo gidan. Na biyu, kalmar "da sauransu" a wurin aiki. Da ita ake tura yarinya tsaron shago a Balogun ko wankin gidan ƙanwar Hajiya. Na uku asusun da ake tura kuɗi. Ya zama nata, da sunanta. In asusun dillaliya ake turawa, ranar rigima ba ta da shaidar nawa ake biya, ba ta ma san ko an cika ba.

A yi kofi biyu, kowa ya sa hannu a duka, da shaida ɗaya daga kowane ɓangare. Ta ɗauki hoton tata ta tura wa gwaggonta nan take, don takardar da ke cikin jaka a ɗakin mutane tana iya yin ƙafa.

Lauyan_Talaka: Ƙari a kan na Hajiya Sabo. In yarinyar ba ta karatun boko sosai, ko an rubuta da Turanci, a ƙara layi a ƙasa cewa wane ya karanta mata ya fassara da Hausa, ta ce ta gane, sannan ta sa hannu ko ta dangwala. Mai fassarar shi ma ya sa sunansa. Wannan yana kare uwar ɗaki ma, don kada gobe a ce an ba ta abin da ba ta sani ba.

A sa maganar ciwo. Ma'aunin doka kwana 12 ne na aiki a shekara da albashi, in likita mai rajista ya ba da takarda. Takardar kemis ba ta shiga. A sa maganar fashe-fashe kuma, don nan ake cin yara: kofi ya fashe a cire 5,000. A dokar, mai aiki ba ya yanke tara da kansa. Cire kuɗin ɓarna sai in ganganci ne ko sakaci, kuma sai da izinin jami'in ƙwadago a rubuce. Duk abin da za a cire a wata ɗaya kuma kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi.

Anti_Zee_Magodo: In uwar ɗaki ta ce ba ta iya rasa ta, ga kuɗin kwana shidan ta ƙara mata ta zauna fa? Yawancinsu ma kuɗin suka fi so.

Tsohon_Akawu: Dokar ta hana wannan, muddin aikin bai ƙare ba. Ba a sayen hutu. Ana iya ɗaga shi in su biyun sun yarda, amma kada a wuce wata 24 ba a yi ba. Lokacin da hutu ke zama kuɗi shi ne in an rabu. Kwana shida a wata 12 rabin kwana ke nan a kowane wata. Da yarinyar nan za ta bar aiki a wata na 20 ba ta taɓa hutu ba, tana bin shidan farko, da huɗu na wata takwas ɗin da suka biyo, goma ke nan. In yau ta bari a wata na 14, shida kawai za ta bi, don ragowar sai ta kai wata shida ake lissafa ta.

Ni dai ban ga laifin mai son kuɗin ba, amma wadda ke kwana a wurin aikinta in ba ta bar gidan ba, ba ta huta ba. Ko an ce mata yau hutu ne, yaro zai yi kuka a kira ta.

Dan_Mile12: In Hajiya ta ƙi gaba ɗaya, ina za a kai ƙara? Ofishin 'yan sanda?

Lauyan_Talaka: A'a. Albashi ba hurumin 'yan sanda ba ne, kuma sau da yawa can ne magana ke juyewa a ce ta saci sarƙa. Sai in akwai duka ko kulle ta a gida. A fara da manya, gwaggon da wani dattijo, ko fadar Sarkin Hausawan unguwarsu. In bai yi ba, Ma'aikatar Shari'a ta jihar Legas tana da cibiyar sulhu ta jama'a, kyauta ce, suna gayyatar ɗaya ɓangaren a zauna, abin da aka cimma a rubuta a sa hannu. Akwai kuma ofishin lauyoyin gwamnatin jihar masu tsaya wa marasa hali, da ofishin ƙwadago na tarayya. Kotun Ma'aikata tana Ikoyi, amma ba wanda zai ba ki shawarar shari'a a kan 16,000.

Kafin duk wannan ta tara shaida: saƙon banki na kowane wata, da duk wani saƙon waya da ya nuna ranar da ta fara.

Maman_Khalifa: Ga inda aka kwana. Gwaggon ta je jiya da lissafin Baba Akawu a rubuce. Hajiya ta yarda 4,000 kawai za ta cire, ta kuma yarda da Lahadi biyu a wata, ba huɗu ba. Takarda kuwa ta ce sai Alhaji ya dawo daga tafiya. Amma ta turo wa gwaggon saƙon murya ta faɗi duk wannan da bakinta. Yana da amfani?

Lauyan_Talaka: Yana da shi, kada a goge, a tura wa mutum na biyu ya ajiye. Sannan gwaggon ta mayar da amsa a rubuce: "Hajiya, kamar yadda kika ce, wance ta fara aiki ranar kaza, albashi 60,000, hutun shekara kwana shida, Lahadi biyu a wata. Haka ne?" In ta amsa da "haka ne", an samu rabin takarda.

Hajiya_Sabo_Ikorodu: Ni Lahadi biyun ne ba su kwanta min ba. In aka rubuta biyu yanzu, an rufe ƙofar huɗu.

Anti_Zee_Magodo: Daga babu zuwa biyu ai an ci gaba. A bar ta ta je bikin ta dawo a kan rana tukuna, shi zai sa Alhaji ya sa hannu.

Tsohon_Akawu: To a rubuta "Lahadi biyu zuwa ƙarshen shekara, sannan a sake zama", sauran biyun da take aiki kuma a sa musu kuɗi. Maman Khalifa, yaushe ne ɗaurin auren? In Asabar ne, ta tashi Lahadin da ke kafinsa, kada kwanakin su ƙare mata a hanya.